Kundin aikin tsara saƙon murya na kwatancen shagonmu da ke bayan gidan mai

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda abin da ya faru ranar Asabar da ta wuce, lokacin da direban da ya ɗauko mana katan arba'in na taliya da buhu goma na sukari daga kasuwar Singa ya shafe kusan minti hamsin yana kai da komo a Titin Zariya, ya kira ni sau bakwai, har daga ƙarshe sai da na bar shago na fita bakin titi na tsaya ina ɗaga hannu kafin ya gan ni. Wannan ba shi ne karo na farko ba, domin Alhajin da muke sarin kaya a wurinsa ba shi da direba guda tsayayye. Duk wanda ya samu a bakin kasuwa shi yake ɗora wa kayan, yau mai a-kori-kura, gobe mai kanta, saboda haka kusan kowane mako sabon mutum nake yi wa kwatance daga farko.

Shagon namu yana gaba da tashar Unguwa Uku kafin a kai Na'ibawa, a ɓangaren gabas na titin, wato hannun masu shigowa gari. Daga kan kwalta ba a hango shi ko kaɗan, domin ginin gidan mai da katangarsa sun tare shi, kuma sai an bi wani layi marar kwalta da ya ratsa ta gefen katangar sannan a ɓulla ƙofarmu. Titin kuwa tagwaye ne mai shinge a tsakiya, don haka wanda ya taso daga cikin gari ba shi da damar yankowa kai tsaye, dole ne ya wuce mu ya je wurin juyawa ya dawo.

Abin da na ƙudura shi ne in rubuta kwatancen a takarda, in gwada shi, in gyara, sannan in naɗe shi a matsayin saƙon murya na WhatsApp wanda zan riƙa turawa duk lokacin da aka yi mana lodi. Na zaɓi murya maimakon rubutu saboda da yawa daga cikin direbobin ba sa son karanta dogon saƙo, wasu kuma karatun boko bai zauna musu ba, amma kowannensu yana sauraron saƙon murya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Jiya da dare na naɗi gwaji na farko ba tare da na rubuta komai ba, kamar yadda na saba faɗa a waya. Da na saurare shi yau da safe na kwafe shi a takarda kalma bayan kalma, ga abin da ya fito bayan doguwar gaisuwa:

"To ka gane ko, in ka biyo Titin Zariya, ka san Unguwa Uku ai, to nan gaba kaɗan akwai gidan mai, muna bayansa. Akwai wani mai shayi a wurin, in ka tambaye shi ma zai nuna maka. Sai dai fa sai ka juyo, don muna ɗaya hannun ne. Layin yana nan gefen gidan man, ba wanda ke gaba ba, wanda ke baya."

Tsawonsa minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da biyu, kuma daƙiƙa talatin da biyar na farko duk gaisuwa ce da tambayar kasuwa. Sai da na gan shi a rubuce sannan na gane cewa ba direbobin ne ke da laifi ba. Maganar juyawa, wadda ita ce abu na farko da mutum zai yi, ta zo kusan a ƙarshe. "Gaba kaɗan" ba ta da ma'auni. Mai shayin kuma da hantsi yake tashi, ba ya dawowa sai bayan la'asar, alhali kayanmu galibi tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da ƙarfe biyu suke isowa, wato daidai lokacin da babu kowa a wurin sai tebur da benci a kife.

Babban aibin da na gano yana cikin kalmar "bayan" kanta. Idan na ce muna bayan gidan mai, ni ina nufin muna can ƙuryarsa, jikin katangar da ke nesa da titi. Amma mutumin da ke tuƙi yana iya fahimtar cewa sai ya wuce gidan man sannan zai same mu, kamar yadda ake cewa bayan gada ko bayan shataletale. Duka fassarorin biyu Hausa ce ingantacciya, kuma direban ranar Asabar ta biyun ya ɗauka, shi ya sa ya yi ta shiga layin da ke gaba da gidan man, wanda ba ya ɓullewa ko'ina sai ƙofar wani gida. Haka ma "gaba" take: gaban gidan mai yana iya zama filin da ke fuskantar titi, yana iya zama wurin da za a tarar in an ƙara tafiya. Na yanke shawarar cewa waɗannan kalmomi biyu ba za su shiga saƙon su kaɗai ba. Inda ake nufin tsarin tafiya zan ce "kafin ka kai" ko "in ka wuce", inda ake nufin matsayin gini kuma zan ce "jikin katangarsa ta baya, nesa da titi".

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau na rufe shago na rabin awa bayan azahar, na sa ƙanina ya goya ni a babur muka bi hanyar kamar yadda mai kawo kaya zai biyo ta. Mun faro daga gadar Dangi, muka wuce Gyaɗi-Gyaɗi da Asibitin Malam Aminu Kano, muka wuce tashar Unguwa Uku, ni kuwa ina riƙe da takarda ina rubuta abin da ido ke gani daga kan hanya, ba abin da na sani saboda zama a unguwar ba. Bambancin yana da girma. Masallacin da nake yawan ambata a kwatance, alal misali, wanda ya fito daga gari ba ya ganinsa sam, domin rumfunan bakin titi sun rufe shi, sai wanda ya riga ya juyo ne yake hango hasumiyarsa.

Ga abin da muka auna da mitar babur da kuma taku. Daga inda ake hango gidan man a tsallaken titi zuwa wurin juyawa kimanin mita ɗari shida ne. Bayan an juyo akwai wani ƙaramin gidan mai da ake fara tararwa a hannun dama, wanda ba namu ba ne, kuma daga shi zuwa bakin layinmu kimanin mita ɗari biyu da hamsin ne. Bakin layin yana zuwa ne kafin ƙofar shiga gidan man namu da taku goma sha biyar kacal. Daga bakin layi zuwa kusurwar katanga taku casa'in ne, sai a karya hagu, sannan taku ashirin da biyar zuwa ƙofar shago.

Waɗannan taku goma sha biyar su ne tushen wahalar gaba ɗaya. Direba yana tafe idonsa na kan babban allon gidan mai, kafin ya ankara ya riga ya gota bakin layin, kuma a titi irin wannan ba a yin ribas da mota mai kaya, bin hannun da ba naka ba kuma laifi ne da 'yan KAROTA ke kamawa a kai. Wanda ya gota sai ya sake zagayen juyawa biyu, wanda a lissafinmu ya haura kilomita biyu.

Na yi wani ɗan lissafi don in san inda ya kamata alamar gargaɗi ta kasance. Motar da ke tafiyar kilomita arba'in a awa tana cin kimanin mita goma sha ɗaya a kowace daƙiƙa. Idan alamar da na ba direba tana mita talatin kafin layi, bai kai daƙiƙa uku yake da ita ba don ya gane ta, ya sa sigina, ya rage gudu da lodi a bayansa, kuma wannan ba ya isa. Idan tana mita ɗari zuwa ɗari da hamsin, yana da daƙiƙa tara zuwa goma sha uku, wanda ya wadatar. Muka duba abin da ke wannan tazarar, muka samu taransifoma a kan dakali, kewaye da waya, kimanin mita ɗari da ashirin kafin layin. Ba ta tashi da hantsi, ba ta zuwa sallar Juma'a, kuma ita kaɗai ce a wannan tsakanin, don haka ita na ɗauka.

Talata, 14 ga Oktoba

Na zauna na tace alamomin. Na jera guda goma sha ɗaya da na saba ambata, na soke takwas. Mai faci da mai lemar POS da mai shayi duk sun fita saboda suna tashi, ko kuma akwai irinsu biyar a kan titin. Allon tallan da ke saman shagon walda ya fita saboda an sauya hotonsa sau biyu a bana. Abin da ya rage shi ne ƙaramin gidan mai na farko, da taransifoma, da shagon walda da ke bakin layi, wanda ko a rufe yake ana ganin ƙyamaren ƙarfe jingine a jikin bangonsa.

Sunan gidan man namu ya ba ni tunani sosai. Shekarun baya an sayar da shi, sabon mai shi ya sauya fenti da allo, amma mutanen unguwa har yau da tsohon sunan suke kiransa. Direban da ya tsaya tambaya da sabon suna yana iya haɗuwa da wanda zai tura shi wani reshe na kamfanin da ke kan titin, wanda kuma na ba shi tsohon suna zai yi ta neman allon da babu shi. Na tsayar da cewa a cikin kwatancen zan kira shi "gidan mai na biyu bayan ka juyo", sunayen biyu kuma zan faɗe su sau ɗaya a ƙarshe, domin amfanin wanda ya tsaya tambaya. A nan na bar kalmar "bayan" saboda tana tare da aikatau, ba ta da fassara biyu.

Sai batun gabas da yamma. Mu a nan da su muke kwatance, kuma dattijon da ke zaune yana gane "gabas da titi" nan take. Amma na lura cewa direban da ya yi juyi a tsakiyar cunkoso yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya daidaita alƙiblarsa, saboda haka na zaɓi dama da hagu, kuma kowane lokaci zan ce "hannunka na dama", domin a san cewa daman mai tuƙi ake nufi, ba daman wanda ke zaune a shago yana fuskantar titi ba. Wannan kuskuren na sha yin sa a waya: ina kallon titi ina cewa hagu, alhali shi dama ce a wurinsa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na kammala rubutu na biyu na naɗe shi, ya zo minti ɗaya da daƙiƙa ashirin. Kafin in tura wa kowane direba na gwada shi a kan wani abokin ƙanina da ke zaune a Kurna, wanda bai taɓa zuwa shagon ba. Sharaɗin da na gindaya masa shi ne kada ya kira ni kuma kada ya tambayi kowa a hanya.

Ya iso, amma ya ce sau huɗu ya tsaya yana maimaita saƙon, kuma kowane karo sai ya yi ta jan ɗigon nan gaba da baya yana neman inda maganar taransifoma take. Ya ce lokacin da ya fara saurare a gida ya riƙe abu uku na farko, sauran duk suka zube kafin ya kai Dangi. Wannan ya nuna mini cewa tsawon saƙon ba shi kaɗai ne matsala ba, har da haɗa komai wuri ɗaya. Zan raba shi gida uku, kowanne da wurin da ake sauraronsa: na farko kafin a tashi daga kasuwa, na biyu bayan an juyo, na uku a bakin layi. Zan fara kowanne da lambarsa domin a san wanda za a taɓa.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Tun da nake shirin raba saƙon nake tunanin wanda zai saurari na biyu da na uku. Ba na son in zama sanadin da direba zai riƙa latsa waya yana tuƙi da lodi, ga shi kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta haramta hakan. Motocin da ke kawo mana kaya kusan dukkansu suna zuwa da yaron mota ko ɗan dako a gaba, don haka zan faɗa a saƙon farko cewa a miƙa wa na gefe wayar. Wanda ya zo shi kaɗai kuma zan nuna masa wurin tsayawa, wato fegin da ke bayan juyi kafin ƙaramin gidan mai, inda kafaɗar titin take da faɗi. Ban ce ya tsaya a cikin gidan mai ba, domin ma'aikatan ba sa barin a yi waya kusa da famfo, kuma motar da ta shiga ba don shan mai ba takan jawo magana.

Yau kuma na ga wani abin da ban sa a lissafi ba. Daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi sahun masallacin Juma'a da motocin masallata sun cika layin har bakinsa. Na ƙara jimla ɗaya a saƙon farko game da wannan.

Litinin, 20 ga Oktoba

Da safe na auna layin da tef. A bakinsa faɗin ya kai mita huɗu, amma a wajen kwalbatin da ke tsakiya ya tsuke zuwa mita uku da 'yan kai, kuma murfin kwalbatin na gefen hagu ya tsage tun damina. A-kori-kura tana wucewa ba fargaba. Kanta ma tana wucewa idan ta manne wa katanga ta dama, sai dai ba ta da wurin juyawa a ƙofar shago, don haka gara ta tsaya a kusurwa 'yan dako su ƙarasa taku ashirin da biyar ɗin da baro. Motar da ta fi kanta girma ba ta da abin yi a layin, ga kuma wayar lantarki da ta yi ƙasa a daidai kusurwa.

Ga rubutun da na tsayar, wanda na naɗa bayan sallar isha'i, a cikin shago, ƙofa a rufe, janareton maƙwabci a kashe.

Saƙo na ɗaya: "Assalamu alaikum, Malam direba, sannu da aiki. Wannan saƙo na ɗaya ne, ka saurare shi kafin ka tashi. Ka biyo Titin Zariya daga gari, ka wuce Dangi, ka wuce Asibitin Malam Aminu Kano, ka wuce tashar Unguwa Uku. Shagonmu yana tsallaken titi, saboda haka ka kama hannun hagu, ka je wurin juyawa na farko da za ka tarar, ka juyo kamar mai komawa gari. In ka juyo, ka ba na gefenka wayar ya buɗe saƙo na biyu, in kuma kai kaɗai ne ka faka a gefe ka saurara. In ranar Juma'a ce, kada ka iso tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi."

Saƙo na biyu: "Saƙo na biyu, bayan ka juyo. Za ka ga ƙaramin gidan mai a hannunka na dama. Ba shi ba ne, ka wuce shi. Sai ka ga taransifoma a kan dakali, ita ma a hannunka na dama. Daga nan ka sa sigina, ka rage gudu sosai. Layinmu yana kafin ka kai gidan mai na biyu, tsakanin shagon walda da katangar gidan man. Na maimaita, kafin ka kai ƙofar gidan man za ka shiga dama. In ka ga famfunan mai a gefenka, ka gota, ka tsaya nan gaba kaɗan ka kira ni, kada ka yi ribas."

Saƙo na uku: "Saƙo na uku, a cikin layi. Ka miƙe, katanga tana hannunka na hagu. A wajen kwalbati ka matsa dama, murfin hagu ya tsage. Inda katanga ta ƙare ka karya hagu, shago na uku mai shuɗiyar ƙofa shi ne namu. In kanta ce ka tsaya a kusurwa, yara za su zo da baro. Allah ya kawo ka lafiya." Daga nan sai na faɗi sunayen gidan man biyu, tsoho da sabo.

Na farko daƙiƙa talatin da takwas, na biyu talatin da huɗu, na uku ashirin da bakwai. Na yi amfani da damar da manhajar ke bayarwa ta sauraron saƙo kafin a tura shi, na soke naɗi biyu, ɗaya saboda na yi sauri a wajen "kafin ka kai", ɗaya saboda wani ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na yi maganar a hankali da gangan, domin na san direbobi da yawa sun bar wayarsu a kan 1.5x ko 2x, kuma kalmar da aka haɗiye a gudun da aka saba ɓacewa take yi gaba ɗaya idan an ninka shi. Na tura wa kaina saƙonnin uku a wata lambata domin in riƙa turawa daga can ba tare da sake naɗi ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Da nake karanta rubutun ga ƙanina, ya kama wani saɓani. A ma'aunin ranar Litinin na rubuta cewa kanta ta manne wa katanga ta dama, a saƙo na uku kuma na ce katanga tana hagu. Muka fita muka tsaya a bakin layi muna fuskantar ciki: katangar gidan mai tana hagu, ta gidan maƙwabta tana dama, kuma ita ce ake matsawa jikinta a wajen kwalbati. Saƙon daidai yake, amma tun da katanga biyu ce na sake naɗa na ukun na ce "katangar gidan mai tana hannunka na hagu".

Na kira Alhaji na ce masa, ranka ya daɗe, daga yau in an yi mana lodi a ba ni lambar direban tun kafin ya tashi, akwai kwatancen da zan tura masa. Ya yi dariya ya ce ai shi ma ya gaji da kiran da suke yi masa suna cewa sun ɓata, ya kuma ce in tura masa saƙonnin ya ajiye a wayar yaron shagonsa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Gwaji na farko da kaya na gaske. Jarka ashirin na man gyaɗa da katan talatin na sabulu, a a-kori-kura, direban bai taɓa zuwa ba. Na tura saƙonnin da ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar. Alamar makirufo ta saƙo na ɗaya ta koma shuɗiya bayan minti uku, wanda ya nuna an saurare shi. Ta biyun ta koma shuɗiya da sha biyu saura minti takwas, sai na san ya juyo, na tura yaro bakin layi. Wannan amfani ne da ban yi tsammaninsa ba lokacin da na raba saƙon, domin yanzu alamar tana gaya mini inda motar take ba tare da na kira ba. Ya iso ƙofar shago da sha biyu saura uku, bai kira ko sau ɗaya ba.

Da ana sauke kaya na tambaye shi inda ya yi shakka. Ya ce, "Wallahi Alhaji, wajen juyawar nan ne kawai, da na ga gidan man a tsallake na yi ta tafiya ban ga wurin juyi ba, har na fara zaton na wuce shi." Gaskiyarsa, mita ɗari shida tana da tsawo ga wanda bai san iyakarta ba. Zan ƙara "akwai 'yar tafiya, fiye da rabin kilomita, kada ka damu" a saƙo na ɗaya.

Laraba, 29 ga Oktoba

Yau an samu cikas biyu a lodi ɗaya. Direban kantar da aka ɗora wa kayanmu ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa, ba ta da WhatsApp, yaron motarsa kuma ba shi da data. Na kira shi na karanta masa saƙo na ɗaya daga takarda kamar yadda yake, na ce in ya juyo ya faka ya yi mini filashin. Ya yi, na kira na karanta na biyu. A nan na ga amfanin rubutun kansa, domin da babu takardar a gabana da na koma "ka gane ko" da "gaba kaɗan". Na manna kwafinta a jikin kantar shago kusa da aljihun kuɗi, domin duk wanda ke shago ya iya karantawa in ba na nan.

Cikas na biyu shi ne tankar mai da ta zo sauke kaya, ta tsaya a bakin titi tana jiran a buɗe mata, jelarta ta rufe bakin layinmu da shagon walda gaba ɗaya. Direban ya ga taransifoma, ya rage gudu, bai ga layi ba, ya ga famfuna a gefensa, sai ya tsaya ya kira kamar yadda aka ce masa. Mun jira minti ashirin tankar ta shige, ya zagayo ya shiga. Ba zan ƙara maganar tanka a saƙon ba, domin abu ne na lokaci-lokaci, kuma jimlar da ta ce a tsaya a kira ta riga ta ɗauke shi. Abin da zan yi shi ne in leƙa bakin layi da zarar alamar saƙo na ɗaya ta yi shuɗi.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ƙanina ya dage cewa a haɗa da alamar taswira, don haka muka gwada. Na tsaya a ƙofar shago na tura masa wurin ta `Send your current location`, ya buɗe a Google Maps daga Dangi. Taswirar ta kawo shi daidai unguwar, ta kuma nuna masa juyin, amma da yake layinmu bai fito a kanta ba, sai ta ajiye shi a ƙofar gidan mai ta ce ya iso, wato ta wuce da shi bakin layin da taku goma sha biyar ɗin nan. Muka sake, wannan karon na tsaya a bakin layi gefen shagon walda na tura, sai ta tsayar da shi inda ya kamata. Wannan ta biyun na ajiye, kuma ga mai babbar waya zan riƙa tura ta tare da saƙo na biyu, ba a madadinsa ba. `Share live location` ba ta da amfani daga ɓangarena tun da shago ba ya motsi, amma zan riƙa roƙon direban da ya iya ya kunna tasa ta awa ɗaya.

Daga 25 ga Oktoba zuwa yau lodi biyar suka iso da wannan tsari. Uku ba su kira ba, ɗaya shi ne na ranar tanka, ɗaya kuma ya kira ne don tambayar ko akwai 'yan dako. Na sake naɗa saƙo na ɗaya da ƙarin maganar rabin kilomita, ya zama daƙiƙa arba'in da uku.

Saura aiki ɗaya a gabana. Mai kawo mana garin fulawa ya ce wata mai zuwa motarsa daga wajen Kwanar Dawaki za ta riƙa shigowa, wato ta riga tana hannunmu, ba ta buƙatar juyi. Saƙo na biyu da na uku za su yi masa, in an cire "bayan ka juyo", amma kafin ya kai ƙaramin gidan man nan akwai wasu gidajen mai da yawa a hannunsa na dama tun daga Na'ibawa, don haka "na farko" da "na biyu" ba za su yi aiki ba sai na samo masa wurin da zai fara ƙirga. Mun shirya da ƙanina ranar Asabar bayan azahar za mu faro daga 'Yan Lemo a babur, da takarda da biro, mu ga abin da ke tsaye a wannan hannun.